Da'irar Haɗari a Fadamar Haɗeja: Kusurwoyi Masu Fuskantar Juna da Gwajin Ɗigo Huɗu a kan Da'ira Ɗaya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba tambayar da ake koya wa ɗaliban babbar sakandare, wato yadda za a gane ko ɗigo huɗu suna kan da'ira ɗaya, ta kuma fitar da ita daga allo zuwa gonar fadama. An kwatanta hanyoyi huɗu na gwaji a kan fili guda: jimlar kusurwoyi masu fuskantar juna, ƙa'idar Batalimus, ƙa'idar tsarkiyoyi masu giciye, da lissafin da'ira ta lambobin wuri. An nuna cewa ko da yake hanyoyin suna ba da amsa ɗaya a takarda, ba ƙarfinsu ɗaya ba idan awon da tef aka yi shi, kuma ƙa'idar Batalimus ce mafi rauni a hannun mai awo. Daga nan an bayyana abin da ya sa safiyo yake gudun tsayawa a kan da'irar da ta ratsa alamomi ukun da yake hange.

Gabatarwa

Duk wanda ya san ƙasar Haɗeja ya san cewa iyakar gona a fadama ba abu ne mai zama daram ba. Kogin Haɗeja yana gangarowa daga wajen Kano, madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suna riƙe da ruwansa daga sama, amma duk da haka a shekarun ruwa mai yawa, kamar 2020 da 2022, yakan ɓalle ya malale gonakin Auyo da Kafin Hausa da Guri da kewayen Haɗeja kanta. Idan ruwa ya janye, kunya ta baje, turke ya tafi, laka ta binne siminti, kacala kuma ta rufe abin da ya rage. Sai manomi ya dawo noman rani yana neman inda gonarsa ta tsaya, maƙwabcinsa ma yana nema.

Abin da yakan tsira shi ne abin da yake kan tudu: hasumiyar masallaci, tankin ruwa, ƙarfen sabis na waya. Mai awo yakan tsaya a cikin fadama, ya hangi uku daga cikinsu waɗanda aka san wurarensu, ya auna kusurwoyi biyun da suke tsakaninsu, ya lissafa inda yake tsaye. Hanya ce tsohuwa mai kyau, amma tana da wuri ɗaya da take mutuwa murus, wato idan mai awon da alamomin uku suna kan da'ira ɗaya. Wannan ne ya sa tambayar da ke cikin takardun WAEC da NECO ta zama tambayar aiki. Lambobin da zan yi amfani da su ni na tsara su don lissafi ya fito sarai, ba awon gonar wani ba ne, amma girmansu girman gonar da muka saba gani ne.

Ƙa'idar da juyinta

Ɗigo uku, muddin ba a kan miƙaƙƙen layi ɗaya suke ba, da'ira ɗaya tak ce take ratsa su. Ɗigo na huɗu shi ne baƙo: ko ya faɗo a kan da'irar, ko cikinta, ko wajenta. Idan ya faɗo a kanta, kuma muka haɗa ɗigogin bi da bi, A zuwa B zuwa C zuwa D, mun sami siffa mai gefe huɗu a cikin da'ira. Yuklid, a littafi na uku na Usulinsa, mas'ala ta 22, ya tabbatar da cewa a irin wannan siffa kusurwoyi biyu masu fuskantar juna jimlarsu digiri 180 ce.

Hujjar gajera ce. Kusurwar da baka ya yi a cibiyar da'ira ninki biyu ce ta wadda ya yi a bakin da'irar. Kusurwar A tana kallon bakan da ya tashi daga B ya bi ta C ya kai D, kusurwar C kuma tana kallon ɗaya bakan, wanda ya bi ta A. Bakunan biyu su ne da'irar gaba ɗaya, digiri 360 a cibiya, saboda haka A da C sun ɗauki rabi, 180. Wasu malamai sun fi son su ja layi daga cibiya zuwa kowace kusurwa su sami alwatika huɗu masu ƙafa biyu daidai. Wannan ma tana fita, sai dai a lura cewa idan cibiyar tana wajen siffar, ɗaya daga cikin alwatikan ragewa ake yi, ba haɗawa ba.

Abin da gwaji yake bukata shi ne juyin ƙa'idar: idan jimlar ta kai 180, to ɗigogin suna kan da'ira ɗaya. Yuklid bai kawo wannan juyin a matsayin mas'ala ba, kuma a ajujuwanmu akan wuce shi kamar abin da ba ya bukatar hujja. Yana bukata, kuma hujjarsa tana ba mu fiye da abin da muka nema. A zana da'irar da ta ratsa A da B da C. A ja layi daga B ya bi ta D har ya gamu da bakan da ke ɗaya ɓangaren AC a wani wuri, mu kira shi E. Mun san B da kusurwar AEC jimlarsu 180 ce. Idan D yana wajen da'ira, to E yana cikin alwatika ADC, kuma ɗigon da ke cikin alwatika yana ganin gindinta da kusurwa mafi faɗi, saboda haka kusurwar D ta gaza ta E, jimlar B da D ta gaza 180. Idan D yana cikin da'ira, abin ya juya, jimlar ta haura 180. Ba ta zama 180 cif sai D da E sun zama wuri ɗaya. Wato gwajin kusurwa ba i ko a'a kawai yake faɗa ba, yana faɗin ɓangaren da ɗigon ya kauce.

Sharaɗi ɗaya ne ake yawan mantawa. Dole B da D su kasance a ɓangarori biyu na layin AC. Idan suna ɓangare ɗaya, gwajin ya sauya: kusurwar ABC da ADC su zama daidai da juna, kamar yadda mas'ala ta 21 ta nuna. Ɗalibin da aka ba lambobin wuri huɗu a hargitse, ya haɗa su yadda suka zo ba tare da ya zana ba, yakan sami siffa mai harɗe, ya tara kusurwoyin da ba sa fuskantar juna, ya yanke hukuncin da ba shi ba. Zanen minti ɗaya yana maganin wannan.

Gona mai turke huɗu

Mu ɗauki gona mai turke huɗu. Lambar farko mitocin gabas ce, ta biyu mitocin arewa, daga wani wuri da muka zaɓa: A (0, 15), B (20, 0), C (56, 15), D (20, 63). Gefunanta su ne AB mita 25, BC mita 39, CD mita 60, DA mita 52. Layukan giciye biyu, AC mita 56 da BD mita 63, sun haɗu a wuri (20, 15), wanda zan kira M.

Kusurwar B digiri 120.51 ce, ta D kuma 59.49, jimla 180. Kusurwar A 104.25, ta C 75.75, ita ma 180. Ba sai an gwada duka biyun ba, tun da kusurwoyi huɗun jimlarsu 360 ce, amma a fili yana da kyau a auna duka don a kama kuskuren awo.

Hanya ta biyu ita ce ta Batalimus, masanin taurarin Iskandariyya, wadda ya kawo a cikin Almajisti wajen shekara ta 150 Miladiyya, ya gina jadawalin tsarkiyoyinsa a kanta. Ta ce layin giciye sau layin giciye daidai yake da jimlar gefe sau gefen da yake fuskanta:

AC × BD = AB × CD + BC × DA

A gonarmu 56 × 63 = 3528, kuma 25 × 60 + 39 × 52 = 1500 + 2028 = 3528. Wannan hanya tana da farin jini, domin tef kawai take bukata.

Hanya ta uku ita ce ta tsarkiyoyi masu giciye: MA × MC = MB × MD. A nan 20 × 36 = 720, kuma 15 × 48 = 720.

Ta huɗu ita ce a fitar da lissafin da'irar daga ɗigo uku, a saka na huɗu a gani. Daga A da B da C ana samun

x² + y² − 56x − 63y + 720 = 0

wato cibiya tana (28, 31.5), nisanta da baki mita 32.5. Idan aka saka D, 400 + 3969 − 1120 − 3969 + 720 = 0. Hanyoyi huɗu, amsa ɗaya. A nan darasin aji yakan tsaya.

Idan turke ya gusa da mita uku

Yanzu a ce ruwa ya tafi da turken D, aka sake kafa shi bisa kintace a (20, 66), wato ya gusa arewa da mita uku. Ainihin nisansa daga cibiya ya zama mita 35.42, ya fita wajen da'ira da mita 2.92. Wace hanya ce za ta tona wannan?

Kusurwar D ta sauko zuwa digiri 56.63. Idan aka haɗa da 120.51 an sami 177.14, giɓin digiri 2.86. Tiyodalait mafi arha yana ganin wannan daga nesa, har kamfas mai kyau a hannun mai haƙuri zai iya hango shi. Kuma tun da jimlar ta gaza 180, mun san turken waje ya fita. Tsarkiyoyi ma sun yi magana da ƙarfi: 20 × 36 yana nan 720, amma 15 × 51 ya zama 765, bambancin da ya haura kashi shida cikin ɗari. Lissafin da'ira ya ba da 198 maimakon sifili, kuma idan aka raba 198 da faɗin da'irar, mita 65, ana samun kusan mita uku, wanda kimantawa ce mai kyau ta nisan kaucewar.

Sai Batalimus. Sababbin tsawon su ne CD mita 62.426, DA mita 54.781, BD mita 66. Ɓangaren hagu 56 × 66 = 3696. Ɓangaren dama 1560.65 + 2136.47 = 3697.12. Bambancin 1.12 ne a cikin dubu uku da ɗari bakwai, wato kashi uku cikin dubu goma. Turke ya gusa da tsawon da ya fi na ɗaki ƙarami, amma ƙa'idar da ƙyar ta motsa.

A auna wannan da halin tef a fadama. Tef ɗin mita 50 ba ya kai AC a ja ɗaya, sai an yi biyu. Yana lanƙwasa a kan kunya, iska tana kaɗa shi, laka tana nauyaya shi, na roba kuma yana miƙewa idan ya tsufa. Kuskuren santimita biyar a mita 56 ba abin zargi ba ne. Amma santimita biyar a AC yana sauya ɓangaren hagu da 0.05 × 66 = 3.3, kusan ninki uku na giɓin da muke nema. Ma'ana, mai tef zai iya samun daidaito cif a gonar da turkenta ya kauce da mita uku, ya kuma sami rashin daidaito a gonar da take kan da'ira sak.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ga kowane ɗigo huɗu, ɓangaren dama na ƙa'idar Batalimus ba ya taɓa gaza na hagu. Yana daidai da shi a kan da'ira, yana fin sa a ko'ina ban da nan. Wato da'ira ita ce ƙasan kwari, kuma a ƙasan kwari ƙasa shimfiɗe take: ka yi taku biyu ko uku ba ka ji ka hau ba. A lissafe, dangantakar da aka san ta da sunan Bretschneider, ta 1842, tana cewa

(AC × BD)² = (AB × CD)² + (BC × DA)² − 2 × AB × BC × CD × DA × cos(B + D)

kuma kusa da digiri 180 kosain ba ya sauyawa sai da murabba'in giɓin. Idan giɓin kusurwa ya ragu da rabi, giɓin Batalimus kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Haka kuma ba ta faɗin ɓangare. Da turken ciki ya shigo da mita uku, zuwa (20, 60), jimlar kusurwa za ta zama 183.13, lissafin da'ira ya ba da −180, tsarkiyoyi su ba da 675 a kan 720, duk suna nuna ciki. Batalimus kuwa zai ba da 3361.23 a kan 3360, giɓin 1.23, kusan irin na ɗazu kuma ta fuska ɗaya.

Ra'ayina shi ne a ci gaba da koyar da ƙa'idar Batalimus, domin a lambobi tsantsa babu kamarta, amma kada a miƙa ta ga mai tef a matsayin gwaji. Wanda ba shi da na'urar kusurwa ya ja igiya biyu daga A zuwa C da B zuwa D, ya kafa tsinke a inda suka haɗu, ya auna guntaye huɗun. Santimita biyar a guntun mita 15 yana sauya amsar da kusan 2.5, alhali giɓin da ake nema 45 ne.

Wannan rashin ji na kusa da da'ira yana da amfani a wani wurin, kuma bari in ɗan ratse in faɗe shi. Brahmagupta, a littafinsa na shekara ta 628, ya ba da faɗin siffa mai gefe huɗu daga gefunan kaɗai: a ɗauki rabin kewaye, a cire kowane gefe daga cikinsa, a ninka sakamako huɗun, a ɗauki tushen murabba'i. Ƙa'idar daidai take ga siffar da ke cikin da'ira. Ga gonarmu ta asali rabin kewaye 88 ne, kuma 63 × 49 × 28 × 36 tushensa murabba'in mita 1764, daidai da rabin 56 × 63. Ga gonar da turkenta ya gusa, ƙa'idar ta ba da 1848.6 alhali gaskiyar 1848 ce, kuskuren da bai kai murabba'in mita ɗaya ba. A kwatanta da hanyar gaggawa da ake bi wajen cinikin gona, a ɗauki matsakaicin gefuna biyu masu fuskantar juna a ninka da matsakaicin sauran biyun: 42.5 × 45.5 = 1933.75, ƙarin kusan kashi goma cikin ɗari a kan 1764, kuma mai saye ne yake biya.

Da'irar haɗari

Yanzu mu koma ga mai awon da ke tsaye a fadama. Matsalar gano wuri daga alamomi uku ana danganta ta ga Willebrord Snell, wanda ya wallafa ta a 1617 bayan ya gano wurin gidansa a Leiden ta hanyar hangen hasumiyoyi uku, da kuma Laurent Pothenot da ya sake warware ta a 1692. Tunaninta mai sauƙi ne. Idan ka auna kusurwar da ke tsakanin A da B daga inda kake, ka san kana kan wani baka da ya ratsa A da B, domin duk wuraren da ke kan wannan bakan da kusurwa ɗaya suke ganin AB. Kusurwar da ke tsakanin B da C ta ɗora ka a kan baka na biyu. Da'irorin biyu sun haɗu a B, sun kuma haɗu a wuri na biyu, kuma nan kake.

To idan kana kan da'irar ABC fa? Da'ira ta farko ita ce da'irar ABC, ta biyu ma ita ce. Ba su da mahaɗa ɗaya, domin sun zama abu guda. A gonarmu, mai tsaye a D (20, 63) yana ganin A da B da kusurwa 22.62, B da C da 36.87. Mai tsaye a (47.5, 57.5), mita 28 daga D, kusurwoyin da zai karanta su ne 22.62 da 36.87, ba ragi ba ƙari. A ninka dukkan tsawon sau ashirin don ya yi daidai da hangen hasumiya da tanki da ƙarfen sabis, A zuwa C ya zama mita 1120. Mutum biyu ke nan masu tazarar mita 560 a tsakaninsu, littafin awonsu iri ɗaya. Kyawun na'ura ba ya taimakawa, domin bayanin da ake nema ba ya cikin kusurwoyin.

Gwajin da ke kare mai awo shi ne ƙa'idar Yuklid ɗin nan. Kusurwoyi biyun da ya auna, idan aka haɗa su, su ne kusurwar D ta siffar ABCD. Kusurwar B kuma an san ta tun daga ofis, daga lambobin alamomin. Sai ya tara uku: 22.62 + 36.87 + 120.51 = 180. Da ya ga haka, ya naɗe ƙafafun na'urarsa ya sauya wuri ko alama.

Da wuya mutum ya faɗo kan da'irar cif, kuma da ya faɗo lissafin da kansa zai ƙi fita, ya gane. Abin tsoro shi ne kusa da ita, inda amsa take fitowa da lambobi masu kyan gani alhali ba ta da ƙarfi. Giɓin da ke tsakanin jimlar nan da 180 shi ne ainihin kusurwar da da'irorin biyu suke ratsa juna da ita. Idan ƙarama ce, ɗan motsin ɗaya daga cikinsu yana jan mahaɗar nesa, kuma ninkin shi ne ɗaya a raba da sain na giɓin. A wurin da turkenmu ya gusa giɓin 2.86 ne, ninkin kusan ashirin. A babban sikeli, nisan mai awo da A mita 1096 ne, da B mita 1320, AB kuma mita 500. Kuskuren minti ɗaya na digiri a kusurwar farko yana gusar da da'irar da 1096 × 1320 ÷ 500 × 0.000291, kusan mita 0.84. A ninka sau ashirin, wurin da aka lissafa ya kauce da kusan mita 17, faɗin da ya isa ya haɗa maƙwabta biyu a gaban mai gari. Da giɓin digiri 30 ne, ninkin biyu ne kawai, kuskuren bai kai mita biyu ba. A ganina duk giɓin da ya gaza digiri 30 ya cancanci a sake shawara.

Yanayin Haɗeja yana sa wannan ya fi sauƙin aukuwa. Alamomin da ake hange duk a gari suke, a jere a gefe ɗaya na fadama, mai awo kuma yana can nesa a ɗaya gefen. Idan alamar tsakiya ta fi sauran biyun nisa daga gare shi, jerin ya lanƙwasa kamar bakan da ke rungumarsa, kuma da'irar tana iya zagayowa ta bi ta ƙarƙashin ƙafarsa. Maganin yana cikin zaɓen alama. Idan ta tsakiya ta fi kusa da shi, wato tana tsakaninsa da layin AC, da'irar ta juya masa baya, babban ɓangarenta yana can ƙetaren gari. Idan kuma ya sami tsayawa a cikin alwatikar alamomin, to yana cikin da'ira ko ta yaya. Inda babu zaɓi, alama ta huɗu da ba ta kan da'irar ko awon nisa guda ɗaya zuwa wata alama yana warware matsalar, kuma na'urorin safiyo na yanzu masu auna kusurwa da nisa tare suna yin hakan idan akwai wanda zai riƙe madubi a wurin alamar. A kan hasumiya ko ƙarfen sabis sau da yawa babu, sai a koma ga kusurwa kaɗai.

Lambobin GPS da iyakar gwaji

Wani zai ce ai yanzu kowa yana da GPS a wayarsa. Haka ne, amma wayar hannu tana kuskure da mita kaɗan ko a sarari, kuma a gonar da nisan cibiyarta da baki mita 32.5 ne wannan ya kai kaucewar mita ukun da muke ƙoƙarin ganowa. Ba za a yi wannan gwaji da ita ba a fili ƙarami.

Ko da lambobi masu inganci, akwai tarko a lissafin da'ira. Haɗeja tana shiyya ta 32 a tsarin UTM, kuma lambar arewa a nan ta haura mita miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. Murabba'inta yana da lambobi goma sha uku, alhali abin da ake nema ƙaramin saura ne kamar 198 ɗin ɗazu. Kalkuletar da ke nuna lambobi goma za ta yanke wutsiyar da amsar take ciki, musamman idan ana kwafe sakamako a takarda ana sake shigarwa. Sai a fara cire lambobin ɗigo ɗaya daga na sauran, a mai da shi (0, 0), sannan a yi lissafi da ƙananan lambobi. Manhajojin taswira da ke haɗa ɗigogin tsayin ƙasa su zama alwatikai, bisa tsarin da Boris Delaunay ya kawo a 1934, wannan gwajin suke maimaitawa ga kowace alwatika, wato ko ɗigo na huɗu yana cikin da'irarta ko waje, kuma a kan irin waɗannan alwatikai ake zana taswirar inda ambaliya za ta kai.

Sai batun siffar ɗigo ukun farko. Idan A da B da C sun kusa zama a layi ɗaya, kamar turaku uku a kan jinga, da'irarsu ƙatuwa ce, kuma santimita kaɗan a turken tsakiya yana gusar da cibiyar da mitoci masu yawa. A irin wannan hali a zaɓi ukun da suka fi warwatsuwa su kafa da'irar, a gwada na huɗun da ita. A gonarmu A da C da D sun fi A da B da C dacewa, domin kusurwoyin alwatikarsu 67.38 da 53.13 da 59.49 ne, duk kusa da 60, kuma B, wanda ya fi kusa da maƙwabtansa, shi ne ya kamata a gwada.